Kuɗin Hannu da Kuɗin Goro

A zamanin Nasara, shekaru kaɗan kafin su tafi, mazan Gaya da ƙauyukanta suna tafiya Kurmi da zarar an gama girbi. Kurmi ita ce ƙasar Gwalkwas, inda ake biyan lebura da fam da sule. Labo, mutumin Tunuga, yana cikin waɗanda suka tafi a bayan shekarar yunwar da mutane suka rayu da garin rogo. Ba don yawo ya tafi ba. Gonar ubansa ce take jingine.

Gona ce ta fadama, kusa da kogi, tana ba da dawa ko da damina ta yi rowa. Kafin uban ya rasu ya jinginar da ita ga maƙwabcinsu Alfari a kan jikka uku, wato dala ɗari shida na kuɗin Faransa, aka sayi hatsi aka biya lanho, wato haraji. Al'adar jingina a wurinmu sananniya ce. Mai kuɗi yana noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, gaba ɗaya, a gaban shaidu. In an kawo kafin shuka, ya ɗauke hannunsa. In ya riga ya zuba iri, wannan daminar tasa ce. Alfari ya riga ya ci damina biyu. Tsofaffi kuma suna cewa gonar da ta yi damina uku a hannun mutum sunansa take ɗauka, balle ga shi shaidu biyun da aka yi abin a gabansu ɗaya ya mutu, ɗayan ido ya tafi.

Labo ya bar uwarsa da matarsa Asma'u a Tunuga, ya sauka a Kumasi, a gidan Baba Sha'ibu cikin zango. Baba Sha'ibu tsohon ɗan kasuwa ne mai saukar baƙi. Shi ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki a wani gidan yanka katako, sule huɗu a yini, biya ƙarshen wata. Ranar da inji ya lalace ba a rubuta maka komai. Su shida suke kwana a ɗaki guda na sule talatin, kowa biyar.

Sule huɗu in an faɗa a Tunuga, sai a ce mutum ya yi arziki. A Kumasi har itacen girki saye ake. Albashin farko ya tafi ga bashin motar da ta kawo shi. Na biyu ya aika da mafi yawansa aka biya lanhon gida. A wata na uku gungume ya danne masa ƙafa, ya kwanta, ya ci abin da ya tara. Sai daga baya ya fara ɗaure kuɗi a tsumma. Mutanen wajen Gaya da za su iya kai masa saƙo kyauta sun kama hanya tun bai tara rabi ba, don su je su share gonakinsu.

Da aka biya albashin ƙarshen Maris, ranar Lahadi da hantsi, ya shimfiɗa tsumman a kan tabarma. Huɗu daga cikin 'yan ɗakin, mutanen Filinge, suna ta ɗaure akwatuna, za su bi hanyar arewa wadda ba ta ratsa Gaya. Wanda zai rage tare da shi Sumana ne, mutumin Karakara, taubashinsa ta wajen uwa. Shi shekararsa ta uku ke nan a Kurmi, kunya ta hana shi komawa hannu wofi.

Sumana ya leƙo ya ce, "Attajirin Tunuga, nawa ne dukiyar?"

"Fam bakwai da sule sha biyu."

"To ka auri ta biyu mana. Ga mai waken nan ta bakin masallaci, kullum tana tambayarka."

"Bashinta take tambaya."

"Ai haka soyayya take farawa."

Labo bai yi dariya ba. Ya ware sule goma gefe guda, kuɗin ɗakin wata biyu da Baba Sha'ibu yake bin sa. Ya dubi sauran. Fam bakwai da sule biyu, ban da abin da zai ci har wani ƙarshen watan. Ya naɗe tsumman ya ce wa Sumana ya raka shi wurin Alhaji Yakuba.

Alhaji Yakuba mutumin Gaya ne, fataucin goro yake yi tsakanin Kumasi da gida, ta Yandi da Jugu da Kandi, ya ƙetare kogi a Malanbil. Shi ne hanyar kuɗin mutanenmu. Fam ba ya sayen komai a kasuwar Gaya sai an canza shi, kuma wanda 'yan duwan, masu tsaron iyaka, suka kama da shi a jiki ya san sauran. Alhaji bai taɓa cin kuɗin kowa ba, wannan kowa ya shaida. Sai dai ba kyauta yake yi ba.

Suka same shi a rumfarsa yana duba huhunan goro, yara suna yayyafa wa ganye ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida.

Alhaji ya ce, "Ɗan marigayi, maganar gonar ce?"

"Ita ce, Alhaji. Dala ɗari shida nake so su shiga hannun inna kafin ruwan shuka."

"To hanya biyu ce, ka san su. Akwai kuɗin hannu. In canza maka nan wurin masu canji, in ɗaure a ƙuguna, ranar da na ƙetare kogi ranar za a kai Tunuga. Wannan dala tamanin ne a fam."

"Wani akawu ya ce mini fam ya kusa dala ɗari."

"A banki. Ka je bankin ka ce kai ne Labo na Tunuga, su kai wa innarka." Alhaji ya tofar da ɓawon goro. "Mai canji zai ci nasa, ɗan duwan zai ci nasa a iyaka biyu, ni ma in ɓarawo ya tare ni wuyana ne. Ba ni na yi duniya ba."

"Ɗayar fa?"

"Kuɗin goro. In zuba kuɗinka cikin kayana, in na sayar a can in biya da kuɗin can. Ba mai canji a tsakani. Wannan dala tis'in ne a fam. Amma sai goro ya fita."

Labo bai iya karatu ba, amma lissafin nan ya kwana da shi watanni. A kuɗin hannu, jikka uku fam bakwai da sule goma ne. A kuɗin goro, fam shida da sule sha huɗu sun isa, har da 'yan canji.

Ya ce, "Goron yana daɗewa?"

"Wani zuwa kasuwa ɗaya ya ƙare. Wani zuwa ya yi nauyi. Kasuwa ta Allah ce."

"Alhaji, in na ba da fam bakwai da sule biyu kuɗin hannu, a cika mini sauran, in biya in kun dawo?"

Alhaji ya nuna masa layin mutanen da ke zaune a inuwa, kowa da tsummansa a hannu. "Duk wanda ka gani nan sauransa kaɗan ne. In na cika wa ɗaya, da me zan sayi goron? Mota jibi take tashi. Ka je ka yi shawara."

A hanyar komawa Sumana ya daina wasa. Ya ce, "Kana da fam bakwai da sha biyu. Ka ba shi bakwai da goma kuɗin hannu, magana ta ƙare."

"Kuɗin Baba fa?"

"Baba yana da gidaje uku."

"Na roƙe shi watan jiya, ya yi mini haƙuri. Ya ce wannan karon in ba a biya ba, ba zai ƙara tsaya wa ɗan Tunuga ba."

"To mu tashi mu koma Obuwasi, wa ya san mu? Ka bar masa akwatin, ba abin da ke ciki sai kyankyaso."

"In ci me da sule biyu har wata?"

"Abin da kake ci yanzu. Iska."

Suka wuce masu sayar da gawayi. Labo yana tuna wani Bamoshe da ya mutu a bakin tasha cikin sanyin da ya wuce. Ba shi da mai masauki, ba wanda ya san sunan garinsu, motar gwamnati ta zo ta ɗauke shi kamar buhu. A zango, baƙon da ya mutu mai masaukinsa ne yake sayen likkafani, ya tara mutane a yi masa salla, ya aika gida da labari da ɗan abin da ya bari. Wanda ya gudu da kuɗin ɗaki kuwa, labarinsa yana riga shi isa kowane zango, kuma ɗan garinsu da zai zo baɗi shi zai tarar da ƙofa a rufe.

Ya ce, "Sumana, ba zan ci kuɗin mutumin da zai binne ni ba."

"Wa ya ce za ka mutu? Mummuna ba ya mutuwa da wuri."

"Ruwa ba ya sauka a Gaya sai Mayu ya yi nisa. Alhaji zai isa da sauran lokaci mai yawa."

"Kai ka sani. Ni gonata tun tuni ƙanena ya cinye."

Da la'asar Labo ya kai wa Baba Sha'ibu sule goma, ya durƙusa ya ce shi da Sumana ba za su iya riƙe ɗakin su biyu ba, sha biyar-biyar ya fi ƙarfinsu. Tsohon ya ce su kwana a barandar bayan gida, sule bibbiyu a wata, in an samu. Ya ƙara da cewa ruwa yana feso wurin, su nemi buhu su rataya.

Washegari Labo ya ƙirga wa Alhaji Yakuba fam shida da sule sha huɗu a gaban mutum biyu, kuɗin goro. Ya ce a gaya wa inna a kira liman da mai gari ranar fansa, kada a dogara da makahon shaida shi kaɗai. Ya ce a gaya wa Asma'u ta sa yayanta ya tara gayya, in an karɓi gonar a share ta da wuri. Ya so ya saya mata ko kallabi. Ya tsaya a gaban mai atamfa, ya taɓa, ya wuce. Sule takwas suka rage masa. In an raba su a kwanakin wata, taro-taro ne, wato kwabo uku-uku, da ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

Taro yana sayen garin rogo cikin gwangwani da ƙwayar sukari. Da shi yake karyawa, da shi yake kwana. Ranar Lahadi ya kan je kasuwa ya yi dako, in an dace ya samu na wake. A Kumasi damina ta riga ta kama. Buhun da suka rataya ya jiƙe ya ƙi bushewa, tabarma ta yi baƙi. Labo ya fara tari, irin na ƙurar katako da kowa yake yi a wurin aikin, sai dai nasa bai tafi ba. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya tsaya ya dubi arewa. Sumana ya ce masa, "Wannan ruwan Asante ne, ba shi da takardar ƙetare iyaka." A wannan karon ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Albashin Afrilu ya zo, ya biya mai wake, ya biya baranda, ya sayi kwalbar maganin tari. Na Mayu ya zo da ragi, don ya yi kwanaki bai fita ba. Ba labari. Sai cikin watan Yuni aka ce Alhaji Yakuba ya dawo.

Labo ya je rumfar tun bai wanke ƙurar aiki ba. Alhaji ya gan shi, ya sallami wanda suke magana, ya ce a ba shi kujera. A rumfar Alhaji ba a ba lebura kujera. Labo ya ƙi zama.

"Kuɗinka sun isa," in ji Alhaji. "Dala ɗari shida da uku, a hannun innarka, a gaban liman. Ko tamma ba ta ɓata ba."

"Alhamdu lillahi. Gonar fa?"

"Zauna, ɗan marigayi."

Ya zauna. Alhaji ya ba shi labari bai ɓoye komai ba. Gada ta karye musu a bayan Jugu, suka yi kwanaki a daji. Da suka isa Kandi, inda ya saba sayar da rabi, sai suka tarar goron Ikko ya cika kasuwa. A Gaya ma haka. Goro ba ya jira, ya fara ɓaci, dole ya raba wa 'yan tireda bashi, su biya in sun sayar. Yana cikin jiran nan, Afrilu bai ma ƙare ba, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun daga Bengu har Tunuga. Tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga ya zo da wuri haka ba.

"Iyalinka ta zo da ƙafa har Gaya, washegarin ruwan," in ji Alhaji. "Ta durƙusa a ƙofar shagona. Na buɗe akwati a gabanta, abin da ke ciki bai kai dala ɗari biyu ba, kuma na mutum tara ne. Na aika yara wurin masu bashi, kowa ya ce ya sa kuɗinsa a iri."

"Alfari bai jira ba?"

"Ya jira. Kada ka ɗauki alhakinsa. Kowa ya fita shuka, shi ya bar gonar nan kwana biyu, har ya aiko yana tambaya ko kuɗin sun fito. Ƙasa ta fara shan iska. Shi ma yana da bakuna goma sha a gida. Ya zuba iri."

"Kuɗin suka fito yaushe?"

"Sai da dawa ta yi kunne biyu."

Labo ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Da kuɗin hannu ne, da sun isa."

"Da sun isa da kwanaki. Na ƙetare kogi sama ko gajimare babu."

"Sule sha shida ne tsakani."

"Na sani."

Wani yaro ya zo ya tambayi Alhaji inda za a ajiye ganye, ya nuna masa da hannu. Labo ya ce, "To kuɗin suna nan. In an yi girbi sai a fansa."

Alhaji ya gyara zama. "Haka Alfari ya ce. Sai dai rumbunku ba komai, ka sani. Sun zata za su yi noma, yayan iyalinka ya yi alkawarin ba su hatsi rance a kan amfanin gonar. Da gonar ta wuce, rancen ya wuce. Kafin in taso innarka ta fasa jikka ɗaya ta sayi gero. Ta ce in gaya maka, kada ka ji a bakin wani. Kaka kuma da nisa, ga lanho yana biye da ita."

Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin benci. Busasshen kifi ne na Tunuga, guda shida, da ƙullin kuka. "Iyalinka ta ba ni. Na tambaye ta saƙon baki. Sai ta ce, a gaya wa mai gidan ya riƙa cin abinci. Ban gaya mata komai a kanka ba, ita ta faɗa."

Labo ya karɓa da hannu biyu. Ya yi godiya. Ya tambayi ranar da motar za ta sake tashi, aka ce bayan an biya albashi.

Sumana yana baranda yana ɗinke takalminsa. Ya dubi fuskar Labo, ya dubi kifin, bai tambaya ba. Ya tashi ya aro tukunya wurin matan gidan. Suka ci tuwon garin rogo da miyar kuka da kifi biyu. Sumana ya ce, "Kifin garinku duk ƙaya ne, kamar mutanen." Labo ya tura masa kan kifin.

Ƙarshen Yuni aka ba shi fam uku da sule takwas, kwana goma sha bakwai ke nan da ya iya fita. Ya shimfiɗa tsumman. Sule biyu na baranda. Sule shida na mai wake. Mai magani a asibiti ya ce allurar ƙirji sai an yi ta sau da yawa, ya faɗi kuɗin, Labo ya ware su gefe ya daɗe yana kallonsu. Jikka ɗayar da inna ta fasa, a kuɗin hannu, fam biyu da sule goma ce. In ya cike ta, saura sule goma, ba allura. In ya yi allurar, abin da zai isa Tunuga ba zai rufe ramin ba, kuma ramin yana ƙara zurfi kowace kasuwa.

"Ka yi allurar," in ji Sumana.

"In na yi, a fasa jikka ta biyu."

"Za a fasa ta ko ka yi ko ba ka yi ba. Ciki ba ya jiran kaka."

"Na sani."

Ya mayar da kuɗin allurar cikin babban kashin, ya ɗaure. Da safe ya kai wa Alhaji Yakuba fam biyu da sule goma. Alhaji ya buɗe baki zai faɗi hanya biyu kamar yadda ya saba, Labo ya ce, "Kuɗin hannu."

Sun isa ranar da Alhaji ya ƙetare kogi. Aka sayi gero da su.

Labo bai ga kaka ba. Baba Sha'ibu ya sayi likkafani mai kyau, ya tara mutanen zango aka yi masa salla, ya ba Alhaji Yakuba akwatin da sule bakwai da aka samu a tsumman, ya ce a kai gida, kada a cire ko kwabo. Alhaji bai cire ba. Asma'u ta buɗe akwatin a gaban surukarta. Riga biyu ne, da kwalbar magani, da ƙullin kuka da ya rage rabi.

Gonar tana nan a bakin fadama, hagu da hanyar da mata suke bi zuwa kogi. Yaran yanzu suna ce mata gonar Alfari.